Cutar Lufus a Ƙoda: Ma'anar Azuzuwan Gwajin Tsokar Ƙoda da Yadda Ake Zaɓen Magani

Mun shirya wannan bayani ne domin iyalan da likita ya ce wa ɗan'uwansu yana da cutar lufus kuma ta taɓa masa ƙoda, da kuma jami'an lafiya na ƙananan hukumomi waɗanda su ne ke fara ganin irin waɗannan majiyyata kafin a tura su babban asibiti. Sau da yawa majiyyaci kan dawo gida da takardar sakamako mai ɗauke da lambar Romawa, kamar III ko IV ko V, ba tare da ya san abin da take nufi ba. A kan wannan lamba ne ake ɗora maganin da zai sha na tsawon shekaru.

Mece ce lufus, kuma ta yaya take kai wa ga ƙoda?

Lufus cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba. A cikin kowane mutum goma masu fama da ita, kimanin tara mata ne, akasari a shekarun haihuwa. Takan taɓa fata da gaɓoɓi da jini, kuma a kusan rabin majiyyata takan kai ga ƙoda. Ta fi yawa, ta kuma fi tsanani, a tsakanin baƙar fata idan aka kwatanta da Turawa.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya iya gani. Kowace matata dunƙule ce ta siraran hanyoyin jini, kuma bangon waɗannan hanyoyi shi ne rariyar da ke barin ruwa da datti su wuce su zama fitsari, yana kuma tare furotin da ƙwayoyin jini kada su fita. A cutar lufus, wasu sinadaran garkuwar jiki sukan dunƙule su maƙale a cikin matatan. Wurin da suka maƙale, da yawan matatan da suka lalata, shi ke bambanta wani aji da wani.

Abin lura shi ne, ƙoda ba ta yawan yin zafi idan wannan abu yana faruwa. Alamomin da ake gani su ne fitsari mai kumfa wadda ba ta saurin bajewa, kumburin ƙafafu, kumburin fuska da safe, da hawan jini ga matashiyar da ba ta taɓa yin sa ba. Wasu kuwa ba su da alama ko ɗaya, sai gwajin fitsari ne ke tona asirin cutar. Saboda haka ake son duk mai lufus a riƙa auna fitsarinsa a kai a kai, ko da yana jin lafiya lau.

Dalilin ciro tsokar ƙoda

Idan furotin da ke fita a fitsari ya kai rabin giram a yini, wato miligiram 500, musamman idan akwai jini a fitsarin ko aikin ƙoda ya ragu, likitocin ƙoda kan ba da shawarar a ciro ɗan tsokar ƙodar a duba. Wannan gwaji shi ake kira bayofsi. Iyalai da dama sukan tambaya, tun da an riga an san lufus ce, me zai hana a ba da magani kawai? Amsar ita ce, mata biyu za su iya zuwa da kumburi iri ɗaya da kumfar fitsari iri ɗaya, amma ɗaya tana bukatar magani mai ƙarfi cikin gaggawa, ɗayar kuwa irin wannan maganin zai cutar da ita ne ba tare da wani amfani ba. Gwajin jini da na fitsari ba sa iya raba su daidai. Haka nan ciwon hanta nau'in B da cutar ƙanjamau sukan lalata matatan ƙoda ta hanyar da za ta yi kama da ta lufus, don haka ake gwada su tun farko.

Ba tiyata ake yi ba, kuma ba a cire ƙodar. Kafin a fara, ana tabbatar da cewa hawan jini ya sauka kuma jinin majiyyaci yana daskarewa yadda ya kamata, ana kuma dakatar da asfirin da makamantansa na wasu kwanaki. Majiyyaci yana kwanciya rub-da-ciki, a yi masa allurar kashe zafi a baya, sannan a shigar da wata allura ta musamman ana kallon hanyarta a na'urar hoton ciki, a ciro sili biyu ko uku na tsoka, kowanne bai fi kaurin tsinken ashana ba. Bayan haka zai kwanta rigingine na sa'o'i da dama ana lura da shi. Babban abin da ake tsoro shi ne zubar jini. Ɗan jan fitsari na yini ɗaya ko biyu yakan faru, amma idan aka ga gudajin jini ko jiri ko ciwon baya mai tsanani, sai a koma asibiti nan take. Ana hana ɗaukar kaya masu nauyi da daka da ɗibar ruwa a rijiya har mako ɗaya zuwa biyu.

Ana son tsokar da aka ciro ta ƙunshi matatai aƙalla goma. Idan ba su kai haka ba, allurar na iya kuskure wuraren da cutar ta kama, sakamakon ya nuna sauƙi alhali akwai tsanani. Ana yin wannan aiki ne a sassan kula da ƙoda na manyan asibitoci, musamman asibitocin koyarwa.

Azuzuwa shida

Tsarin da ake amfani da shi yanzu ƙungiyoyi biyu ne na masana ƙoda na duniya, waɗanda ake taƙaita sunansu da ISN da RPS, suka tsara shi a shekarar 2003, aka kuma yi masa gyara a 2018. Ya kamata a sani tun farko cewa azuzuwan nan ba matakala ba ce da majiyyaci ke hawa ɗaya bayan ɗaya. Mutum na iya fara wa da aji na huɗu kai tsaye, kuma aji na biyar bai fi na huɗu muni ba, hasali ma yakan fi shi sauƙi.

Aji na ɗaya da na biyu, wato I da II, su ne masu sauƙi. A nan sinadaran sun maƙale ne a tsakiyar matata, a cikin naman da ke riƙe da hanyoyin jinin, ba su taɓa rariyar kanta ba. A na ɗaya matatar tana kama da lafiyayya sai an yi gwaji na musamman, a na biyu kuwa ƙwayoyin wannan naman sun ƙaru. Aikin ƙoda yakan kasance daidai, furotin kuma kaɗan ne.

Aji na uku da na huɗu, wato III da IV, su ne suka fi haɗari, kuma a kansu ne yawancin maganar magani take. A nan sinadaran sun taru a cikin bangon hanyar jinin, ta ɓangaren da jini ke gudana. Da yake jini na taɓa su kai tsaye, sai fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin, hanyar ta toshe, bangon ya tsage. Shi ya sa ake ganin jini a fitsari da hawan jini da raguwar aikin ƙoda. Bambancin azuzuwan biyu na lissafi ne kawai: idan matatan da suka kamu ba su kai rabin waɗanda aka gani ba, aji na uku ne, idan sun kai rabi ko sun wuce, aji na huɗu ne. Tsokar da ke da matatai 20, idan 7 suka kamu, aji na uku ke nan, idan kuwa 13 ne, aji na huɗu. Idan ba a yi magani ba, waɗannan azuzuwa na iya kashe ƙoda cikin watanni ko 'yan shekaru.

Aji na biyar, wato V, nasa salon daban ne. Sinadaran sun wuce sun maƙale a bayan bangon, ta ɓangaren fitsari, inda fararen ƙwayoyin jini ba sa kai wa gare su. Don haka ba a samun tsagewa sosai, sai dai bangon ya yi kauri kuma ya riƙa yoyon furotin mai yawa. Majiyyaci yakan kumbura ƙwarai, amma aikin ƙoda yana raguwa ne a hankali. Haɗarin da ya keɓanta da shi shi ne daskarewar jini a cikin jijiya. Idan ƙafa ɗaya ta fi ɗayar kumbura tana zafi, ko numfashi ya ɗauke farat ɗaya, wannan lamari ne na gaggawa. Aji na biyar yakan zo tare da na uku ko na huɗu, sai a rubuta III + V ko IV + V, kuma a irin wannan hali maganin na uku da na huɗu ake bi.

Aji na shida, wato VI, shi ne inda kashi 90 cikin ɗari na matatan ko fiye sun riga sun mutu sun zama tabo, kuma babu sauran kumburin da magani zai kashe.

Lambobi biyu da ke biye da aji

Gyaran 2018 ya jaddada wasu lambobi biyu da ake rubutawa a ƙasan sakamako, kuma a ganinmu iyalai sun fi bukatar fahimtarsu fiye da ajin kansa. Ta farko tana auna ɗanyen rauni, wato ɓarnar da ke kan faruwa yanzu, daga sifili zuwa 24. Ta biyu tana auna tabo, wato ɓarnar da ta riga ta faru ta bushe, daga sifili zuwa 12. Magani yana warkar da ɗanyen rauni, amma ba ya tayar da matatar da ta zama tabo. Majiyyaci mai aji na huɗu da ke da lambar ɗanyen rauni mai yawa da tabo kaɗan, ko da ya zo a galabaice, ana sa ran ƙodarsa za ta farfaɗo. Wanda tabonsa ya yi yawa, ɗanyen rauninsa kaɗan, ƙara masa magani mai ƙarfi ba zai dawo da abin da ya tafi ba, sai dai ya jawo masa wasu cututtuka. A nan ne jinkirin zuwa asibiti ke yin illa, domin ɗanyen raunin da aka bari shi ke komawa tabo.

Yadda ake zaɓen magani

Ƙa'idojin da ƙungiyar KDIGO ta fitar a 2024 sun tanadi wasu abubuwa ga kusan kowane majiyyaci, ko wane aji yake. Na farko shi ne haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin nan da aka daɗe ana sha domin zazzaɓin cizon sauro. Ana ba da kimanin miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyin jiki a yini. Yana rage tashin cutar, ana ci gaba da shan sa har lokacin goyon ciki, amma yana bukatar a riƙa duba idanu lokaci-lokaci, kuma ana rage shi idan aikin ƙoda ya yi ƙasa sosai. Na biyu shi ne maganin hawan jini irin su lisinofiril ko losatan, waɗanda ke rage yoyon furotin baya ga saukar da jini. Sai rage gishiri da sinadarin ɗanɗano, da ƙaurace wa magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Ga aji na ɗaya da na biyu, yawanci wannan ya wadatar, sai a yi maganin lufus gwargwadon yadda ta taɓa sauran jiki, a ci gaba da auna fitsari.

Ga aji na uku da na huɗu, maganin yana da zango biyu. Zangon farko, na kimanin wata shida, na kashe kumburin ne. Zango na biyu na hana shi dawowa ne, kuma idan aka haɗa su biyun ba a son su gaza shekara uku. A zangon farko ana haɗa maganin sitiroyid da ɗaya daga cikin manyan magunguna biyu masu danne garkuwar jiki, wato maikofenolet ko saikulofosfamaid.

Maikofenolet ƙwaya ce da ake sha, giram 2 zuwa 3 a yini, a raba safe da yamma. Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa mai suna ALMS, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa magungunan biyu sun yi kusan kunnen doki, amma a tsakanin baƙar fata maikofenolet ya fi yin aiki. Ba ya hana haihuwa nan gaba, sai dai yana nakasa ɗan tayi idan aka ɗauki ciki ana shan sa. Saikulofosfamaid kuwa ta jijiya ake ba da shi a asibiti. Akwai tsarin ƙaramin awo, na miligiram 500 duk bayan mako biyu har sau shida, akwai kuma na babban awo, sau ɗaya a wata har wata shida, wanda ake ajiye wa masu tsananin cuta da ƙodarsu ke lalacewa cikin sauri. Babban awon na iya tsayar da haila ya hana haihuwa, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan shekarun mace. Amma yana da fa'ida guda ga wanda ba zai iya jure sayen ƙwaya da shan ta kullum ba, domin likita ya san tabbas cewa maganin ya shiga jiki. Saboda haka likita kan tambayi shekaru da burin haihuwa da nisan gida da ƙarfin aljihu kafin ya yanke shawara, kuma ya dace a ba shi amsa ta gaskiya.

Akwai sababbin magunguna da ake ɗorawa a kan waɗannan, kamar belimumab da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin lufus ta ƙoda a 2020, da bokulosforin a 2021. Suna da tsada ƙwarai. Takurolimus, wanda ya girme su, shi ma ana haɗa shi da maikofenolet idan yoyon furotin ya yi yawa kuma aikin ƙoda bai yi ƙasa sosai ba.

Ga aji na biyar zalla, yawan furotin ne ke yanke hukunci. Idan kaɗan ne, ana iya tsayawa a kan magungunan da muka ambata da farko. Idan ya wuce giram 3 zuwa 3.5 a yini tare da kumburi, ko ya ƙi sauka, sai a ƙara sitiroyid da maikofenolet ko takurolimus, wani lokaci har da maganin hana daskarewar jini. Ga aji na shida kuwa, ana maida hankali ne ga tattalin abin da ya rage da kuma shirin wankin ƙoda ko dashenta. Lufus ba ta hana a yi wa mutum dashe idan cutar ta lafa.

Misali domin ƙarin haske

A ɗauka wata mata ce mai shekara 26 da nauyin kilo 60, tana da ɗa guda kuma tana son ƙarin haihuwa. Furotin da ke fita a fitsarinta giram 2.4 ne a yini. A tsokar da aka ciro an ga matatai 20, 13 sun kamu, wato kashi 65 cikin ɗari, don haka aji na huɗu ne. Lambar ɗanyen rauninta 12 ce cikin 24, ta tabo kuwa 2 cikin 12. Wannan sakamako yana nuna cuta mai tsanani amma mai jin magani.

Bayan an gwada ta domin ciwon hanta da ƙanjamau da tarin fuka, an kuma tabbatar ba ta da ciki, za a iya yi mata ƙarin ruwa na sitiroyid mai suna metilfirednisolon, miligiram 500 a yini har kwana uku. Daga nan ta koma shan firednisolon kimanin miligiram 30 a yini, ana rage shi sannu a hankali har ya sauka zuwa miligiram 5 ko ƙasa da haka wajen wata na shida. Saboda burinta na haihuwa za a fifita maikofenolet, a fara da kaɗan domin kada ya ɓata mata ciki, a ɗaga shi zuwa aƙalla giram 1 safe da giram 1 yamma. Haidiroksikulorokwin ɗinta zai kama miligiram 300 a yini. Dole ne kuma ta yi amfani da ingantacciyar hanyar tazarar haihuwa, kuma yana da kyau a yi wannan bayani a gaban maigidanta.

Ta yaya za a san magani yana aiki? Ana sa ran furotin ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu a wata na uku, wato daga giram 2.4 zuwa 1.8. A wata na shida ya ragu da rabi, wato 1.2. A ƙarshen shekara ya sauka ƙasa da 0.7, an fi so ma ƙasa da 0.5, tare da aikin ƙoda ya tsaya daram. Ana kuma duban gwajin kireyatinin a jini, da wasu sinadarai biyu da ake rubutawa C3 da C4, waɗanda kan sauka idan cutar ta tashi, su koma daidai idan ta lafa.

To, a ce a wata na shida an sami giram 2.0. Kafin a ce magani ya gaza, abin da likita zai fara bincika shi ne ko ana shan sa. Kumburi kan saɓe cikin 'yan makonni, sai iyali su ɗauka an warke, su daina sayen maikofenolet mai tsada, su riƙe firednisolon mai araha. Wannan kuskure ne babba, domin sitiroyid shi kaɗai ba ya riƙe aji na huɗu, kuma daɗewa a kan mai yawa na kawo ciwon suga da lalacewar ƙashin ƙugu da yanar ido. Haka nan yanke shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha na iya jefa mutum cikin mawuyacin hali. Idan an tabbatar tana shan komai daidai, sai a sauya zuwa saikulofosfamaid ko a ƙara wani magani. Wani lokaci akan sake ciro tsokar, domin aji na iya sauyawa, kuma furotin da ya rage na iya zama na tabo ne ba na sabon kumburi ba.

Idan komai ya tafi daidai, za ta ci gaba da maikofenolet a awo mai sauƙi. Ranar da ta shirya ɗaukar ciki, ana son cutar ta yi aƙalla wata shida a kwance. Sai a sauya mata zuwa azatiyofirin, a dakatar da maikofenolet aƙalla mako shida kafin ɗaukar cikin, a kuma sauya lisinofiril da wani maganin hawan jini da ba ya cutar da ɗan tayi.

Ga jami'an lafiya na ƙananan hukumomi

Matashiyar da ta zo da ciwon gaɓoɓi da zubewar gashi ko ƙuraje a kumatu ko gyambon baki, tare da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, a auna mata hawan jini, a tsoma tsinken gwaji a fitsarinta. Idan ya nuna furotin ko jini ba a lokacin haila ba, kuma aka maimaita aka sami haka, a tura ta asibitin da ke da likitan ƙoda, a rubuta sakamakon da kwanan wata da duk magungunan da ta sha a takardar turawa. Kada a fara mata sitiroyid a ci gaba da ba ta a ƙauye ba tare da ta ga likitan ba.

Wanda ya riga ya fara maganin danne garkuwar jiki kuma ya zo da zazzaɓi ko tarin da ya ƙi ƙarewa ko gudawa mai yawa ko ƙuraje masu ruwa da zafi a gefe ɗaya na jiki, a gwada shi domin zazzaɓin cizon sauro, amma kada a tsaya a nan ko da gwajin ya nuna akwai. A tuntuɓi asibitin da ke kula da shi a ranar, a kuma umarce shi ya tafi da takardar sakamakon tsokar ƙodarsa da kwalayen magungunan da yake sha.